Gyaɗa buhu 120 ta faɗi gwaji: yaya zan mayar wa Alhaji ba tare da mun ɓata ba?

Maryama (Garwa):
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara da gaggawa. Ni ke duba kayan da ke shigowa masana'antar kawuna nan Garwa, muna markaɗa gyaɗa muna zubawa a roba, muna kuma matsar mai. Jiya da yamma mota ta kawo mana ɓararriyar gyaɗa buhu 120 daga wajen Gidar, kowane buhu kilo 80. A takardar da muka yi da Alhajin da ke kawo mana, an rubuta laima kada ta wuce 8 cikin ɗari, lalatattun ƙwayoyi kada su wuce 2 cikin ɗari. Na soki buhu 12, na haɗa kamar kilo 2. Laima ta nuna 9. Da na baje a faranti na tsince, lalatattu sun kai 6 cikin ɗari, wasu in ka ɓare su cikin ya yi ruwan ɗorawa da kore-kore, ga wari irin na ɗakin da ya daɗe a rufe. Na niƙa na yi gwajin gubar afulatoksin da 'yar na'urarmu, ta ba ni maikirogiram 38 cikin kilo. Na hana a shigar da kayan sito. Matsalar ita ce Alhajin aminin Kawu ne tun kafin a haife ni, an riga an ba shi rabin kuɗi, kuma ya bugo ya ce a rage masa wani abu a kan kowane buhu a wuce wurin. Kawu ya ce in yanke abin da na ga ya dace, amma na ga fuskarsa.

Alhaji Sale:
Wa alaikumus salam 'yata. 9 da 8 ai duk ɗaya ne a wajen gyaɗa. Yanzu Nuwamba muke, iska ta fara bushewa. Ki sa leburori su baje ta a kan tampol kwana biyu, ta sauko 7. Ki ɗauko mata su tsince baƙaƙen. Sauran in an soya ai wuta ta gama da komai. A cire kuɗin shanya da na tsinta daga kuɗin Alhaji, kowa ya huta. Shekarata talatin ina dillancin hatsi, ban taɓa ganin an mayar da mota guda saboda maki ɗaya ba.

Ɗanjuma:
Wane magani aka sa mata? Yanzu mutane na zuba maganin ƙwari na auduga a buhun hatsi, shi ke kawo gubar. Ki tambaye shi ko sun sa ƙwayar nan da ake jefawa a sito.

Malam Hamadu (Ngawundere):
Ɗanjuma, wannan wata guba ce daban. Ba wanda ke zuba afulatoksin, fumfuna ce ke haifar da ita idan gyaɗa ko masara ta zauna da laima cikin zafi. Koren da Maryama ta gani a cikin ƙwayar shi ne alamar.

Alhaji Sale, ranka ya daɗe, rabin maganarka na yarda da ita. Tsinta tana aiki ƙwarai, domin gubar ba ta bazu daidai a cikin buhu ba, tana taruwa ne a cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan, motsattsu da fasassu da masu canjin launi. In an cire su lambar kan faɗi sosai. Amma shanya laima kawai take cirewa, gubar da ta riga ta samu tana nan. Suya kuma tana rage wani abu, ba ta kashe ta. Kuma abin da Maryama ke sayarwa markaɗe ne, ba mai tatacce na babban kamfani ba. Duk ƙwayar da ta tsere wa mai tsinta za ta narke cikin robar da uwa za ta ɗiba ta dama wa yaro kunu. Ma'aunin Kodeks, wato ƙa'idar abinci ta duniya, wanda ƙasashe da yawa ke bi, ya tsaya a maikirogiram 15 cikin kilo ga gyaɗar da za a ƙara sarrafawa. 38 ya ninka wannan fiye da sau biyu. Gubar hanta take ci a hankali, kuma ta fi illa ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a wajenmu. In ta yi yawa lokaci guda tana kisa. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu daga masara.

Maryama, kafin maganar rubuta wa Alhaji wasiƙa, amsa mini abu uku. Motar tana nan ko ta tafi? Ina buhunan suke yanzu? Kuma kin auna laimar buhu-buhu ne ko ta haɗin kawai?

Maryama (Garwa):
Malam, direba ya ƙi kwana, ya ce yana da lodin Marwa. An sauke a rumfar waje, a kan katako, ba su taɓa kayan sito ba. A takardar kawo kaya na rubuta "an sauke, ba a karɓa ba, ana jiran gwaji", ya sa hannu. Laima ta haɗin na auna.

Malam Hamadu (Ngawundere):
Wannan rubutun da kika yi ya fi komai daraja a yau, ki ɗauki hotonsa ki adana. Ki zagaye buhunan da igiya, ki rataya kwali mai cewa kada a taɓa, domin a masana'anta in aiki ya matse akwai wanda zai zo da asuba ya ja buhu biyu "kafin a warware", shi ke nan kin karɓi kayan ba ki sani ba.

Gobe ki auna kowane buhu shi kaɗai. Na san aiki ne, amma na'urar laima ba ta cin minti biyu a buhu. Dalilina shi ne 9 ɗin nan ban yarda da ita ba. Gyaɗar da ke 9 gaba ɗaya ba ta cika yin koren da kika kwatanta ba. Zargina wasu buhunan suna 7, wasu 12 ko 13, haɗin ne ya ba ki 9. Ki soka daga sama, tsakiya da ƙasa, ki rubuta lamba a jikin kowane buhu da alli ko fenti, ki lura da duk abin da ya bambanta su: irin buhun, ɗinkin baki, rubutu, girman ƙwaya.

Sannan samfur. Kilo 2 ya isa ya tayar da hankali, amma bai isa ya wanke kaya ba, saboda abin da na faɗa, gubar a 'yan ƙwayoyi take. Tsarin Kodeks kilo 20 yake nema daga kaya guda, a ɗebo kaɗan-kaɗan daga buhuna da yawa, a niƙe duka, a gauraya, sannan a ɗebi wanda za a gwada. Ki yi wannan a gaban Alhaji ko yaronsa. Ki raba niƙaƙƙen gida uku: naki, nasa, da na ajiya wanda za a rufe ku sa hannu a bakinsa ku biyu, ko da za a kai ga wani ɗakin gwaji ya raba gardama.

Alhaji Sale:
To Malam, in aka sake gwaji ya fito 10 fa? Ai shi ke nan ta karɓa.

Malam Hamadu (Ngawundere):
A'a Alhaji. Nan ne mutane ke yaudarar kansu. In ka yi ta ɗiba kana gwadawa, dole wata rana hannunka ya faɗa inda babu mugun ƙwaya, ka samu 10. Ba kayan ne suka gyaru ba. Sake gwaji yana da ma'ana ne in an canja wani abu: an raba buhunan gida-gida bisa dalili, ko an tsince, ko samfurin farko an ɗauke shi ba daidai ba. Kuma a faɗi tun kafin a gwada cewa wannan sakamakon shi ne na ƙarshe, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Abubakar Akawu:
Ƙanwata, ta fuskar doka kada ki tsaya a waya. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Kamaru da Cadi duk suke ciki, ta ba mai saye wata ɗaya daga ranar kawo kaya ya sanar da mai sayarwa aibin da ke bayyane, in ya wuce ya rasa haƙƙinsa. Ba na cewa ku je kotu, Allah ya kiyaye. Amma ki rubuta, da kwanan wata, ya sa hannu ya karɓa ko ya amsa a saƙo. Wani abu kuma: kin ce takardarku laima da lalatattu ta ambata. Afulatoksin yana ciki?

Maryama (Garwa):
Ba ya ciki. An yi takardar kafin mu sayi na'urar.

Abubakar Akawu:
To ki kafa ƙin karɓar a kan biyun da aka rubuta, su ba ya iya musunsu. Na ukun ki faɗe shi a matsayin dalilin da ya sa rage farashi ba zai warware ba. A takarda ta gaba a sa shi.

Usman (Njamena):
Ni dai abin da ya same ni da riɗi ke nan bara. Wani ya kawo mini daga kudu, yashi kamar an haƙo daga kogi. Na mayar, na ce kada ya ƙara tako mini shago. Yanzu wani nake saya wa. Hajiya ki kore shi kawai, masu gyaɗa sun cika Pitowa. Duk wannan wasiƙa da tambayar dalili aikin manyan kamfanoni ne, ɗan kasuwarmu ba zai zauna ya rubuta miki komai ba.

Malam Hamadu (Ngawundere):
Usman, sabon naka ya daina kawo yashi?

Usman (Njamena):
Ya ragu dai. Ina tankaɗewa.

Malam Hamadu (Ngawundere):
To ka gani. Yashi a zuba shi ake yi ko a share shi daga masussuka, kuma ana tankaɗe shi ya fita. Na Maryama in ba a gano daga ina ya shigo ba, sabon mai kawowa zai iya saye a hannun mutanen da tsohon ya saya. Maganar rubutu kuma ba dole Alhaji ya rubuta da hannunsa ba. Ya faɗa da baki, ita ta rubuta, ta karanta masa, ya sa hannu. Abin da ake nema amsa ce da za a iya zuwa a duba.

Maryama (Garwa):
Jama'a na dawo, mun gama awo. Malam Hamadu, yadda ka faɗa haka ne. Buhu 80 suna tsakanin 7 da 7 da rabi, in ka girgiza ƙwayar a hannu tana ƙara, in ka ciza tana fashewa ƙaras. Buhu 40 suna 12 zuwa 13. Su in ka tura hannu ciki ɗumi kake ji, ƙwayar tana lanƙwasa a haƙori, jar fatar ba ta saɓulewa in ka murza. Kuma duk 40 ɗin da jan zare aka ɗinke bakinsu, ɗinkin hannu. Sauran farin zare ne. Wani lebura ya ce a tsakiyar lodi suka tarar da masu jan zaren lokacin saukewa.

Ga abin da na rubuta, zan kuma juya shi da Faransanci don fayil:

"Baba Alhaji, bayan gaisuwa. Gyaɗa buhu 120 da aka kawo ranar Talata ba mu karɓe ta ba. Takardarmu ta ce laima 8, lalatattu 2 cikin ɗari. Mun samu buhu 40 masu jan zare a 12 zuwa 13, lalatattu a haɗe 6 cikin ɗari, gwajin guba ya nuna 38 inda iyaka 15 ce. Hotuna da lambobin buhu suna haɗe. Kayan suna rumfarmu a ware, amanarka ce. Muna roƙo ka turo wakili cikin kwana biyu a ɗebi samfur tare, ka kuma dakatar da duk wata gyaɗa da ta fito daga inda masu jan zaren suka fito. Cikin mako guda muna son sanin daga ina 40 ɗin suka fito, yaushe aka ɓare su, ina suka kwana kafin lodi, da kuma me ya sa aka loda su ba a gane ba. Bayan haka mu zauna a kan abin da za a canja kafin mota ta gaba. Muna son mu ci gaba da saye a hannunka."

Ya yi tsauri?

Hajiya Asabe:
Bai yi tsauri ba 'yata, amma kada takarda ta riga Kawunki isa. Shi ya fara kiransa, ya ce yarinya za ta aiko da takarda saboda tsarin aiki, ba don raini ba. Dattijo in ya ga takarda daga hannun 'yar cikinsa ba tare da an yi masa magana ba, ba zai karanta lambobin ba ma.

Malam Hamadu (Ngawundere):
Hajiya ta faɗi gaskiya. Wasiƙar ta yi kyau domin babu zargi a ciki, ba ki ce ya cuce ku ba, abin da kika auna kawai kika faɗa. Tambayarki ta ƙarshe ita ce mafi tsada, kada ki bari a tsallake ta. Kowane aibi da ya iso ƙofar mai saye yana da dalili biyu: abin da ya haifar da shi, da abin da ya bar shi ya wuce. Mutane na amsa na farko su manta na biyu. Ki ƙara layi ɗaya: wa zai kwashe kayan, kuma zuwa yaushe. Jiƙaƙƙun nan kowace rana suna ƙara lalacewa a rumfarki, gobe a ce a hannunki suka ɓaci. In zai yiwu a buɗe su a baje a gaban wakilinsa, don a tsayar da ɓarnar, ba don an karɓa ba.

Maryama (Garwa):
Alhaji ya amsa ta bakin ɗansa. Ya ce ruwan ƙarshen damina ne ya taɓa kayan a hanya, ƙaddara ce, ya ja wa direba kunne, in sha Allahu ba za a sake ba. Ya ce a yi haƙuri.

Alhaji Sale:
To ai ya ba da haƙuri, ya faɗi dalili. Me kuma ake nema wajen babban mutum?

Malam Hamadu (Ngawundere):
Haƙurin a karɓa hannu biyu, Alhaji. Dalilin ne bai hau kan abin da aka gani ba. Gidar zuwa Garwa kamar kilomita 100 ne, tafiyar 'yan awoyi. Ruwan hanya buhunan sama da na gefe yake jiƙawa, ya bar tabo a jikin buhu, kuma ba ya zaɓar launin zare. Nan na tsakiya ne suka jiƙe, har cikin cikinsu, na saman suna bushe. Fumfuna kuma ba ta yin kore a cikin ƙwaya cikin yini ɗaya, tana son kwanaki. Duk dalilin da aka ba ki, Maryama, ki gwada shi da tambaya biyu: ya bayyana me ya sa waɗannan suka lalace? Ya bayyana me ya sa waɗancan ba su lalace ba? In ya kasa ɗaya, ba a kai ga tushe ba. Kuma jan kunnen direba ba gyara ba ne, tunda ba a nuna direba ya yi komai ba.

Ba lallai Alhaji ƙarya yake ba. Mai yiwuwa abin da yaransa suka gaya masa ke nan. Kada ki yi musu da shi a waya. Ki ce kina so ki zo ki ga sito ki koyi yadda suke aiki, ki tafi da na'urar laima da buhu ɗaya mai jan zare.

Malam Isa:
Alhaji Sale, ko a shari'a mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in ya tarar da aibin da ba a nuna masa ba. Kuma hadisin sananne ne, Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne, ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani. Ban ce Alhajin ne ya ɓoye ba, amma wanda ya tsara lodin nan ya san abin da ya sa a tsakiya.

Maryama (Garwa):
Mun je Gidar ni da ɗan Kawu. Zan faɗa yadda abin ya warware, domin ni kaina ban zata haka ba.

Siton Alhaji tsaf yake, buhuna a kan katako, nesa da bango, na auna biyar duk 7. Gyaɗar manoman da ya saba da su ce, a kwanso yake sayenta, ya ƙara shanyawa, ya ɓare da injinsa, ya ɗinke da farin zare. Da ya ga buhun da muka zo da shi ya ce wannan ba ɗinkin gidansa ba ne. Aka kira yaron da ke masa saye. Ashe mu muka nemi 120 zuwa ranar da muka sa, abin da ke sito 80 ne, sai Alhaji ya ba yaron kuɗi ya ce ya cike daga kasuwannin ƙauye. Yaron ya sayi ɓararriya a hannun masu tarawa. Da aka matsa, ya ce ya san wasunsu kan yayyafa wa kwanson ruwa da daddare kafin a sa a inji, don ƙwaya kada ta farfashe, ga shi kuma tana ƙara nauyi a sikeli. Daga inji sai buhu, babu shanya. Buhunan sun yi kwana goma sha biyu a wani ɗakin kwano yana jiran su cika 40. Na tambaye shi me ya sa bai duba ba, ya ce yana dubawa, yana tura hannu a bakin buhu. Ba shi da na'ura, kuma ladansa a kan kowane buhu ne, in ya ƙi kaya shi ya yi asara. Na tambayi Alhaji me ya sa ba a gane a sito ba, ya ce ba su shiga sito ba sam, mota ta ɗauki rabin nasa, ta biya ta ɗakin ta ɗauki 40, ta dawo aka ɗora sauran a sama. Yaron ya ce don hanya ce aka yi haka. Allah ya san gaskiya.

Alhaji ya yi shiru ya daɗe. Sannan ya ce shekara nawa yana cikewa daga kasuwa ba a taɓa dawo masa da kaya ba. Na ce Baba, shekara nawa kuma ba mu da abin gwadawa.

Malam Hamadu (Ngawundere):
Yanzu kin samu abin da za a iya gyarawa. Lura da inda kika tsaya: ba a kan "yaro ya yi sakaci" ba. Da kin tsaya nan, a kori yaron, a ɗauko wani a ba shi irin wannan lada da irin wannan umarni, a samu irin wannan buhu. Tushen shi ne akwai hanya ta biyu da kaya ke bi su iso gare ki ba tare da sun ratsa hannun Alhaji ba, kuma mai tsaron hanyar ana biyansa ne don ya bari a wuce.

Gyaran sai ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Cikon kasuwa a saye shi a kwanso, a ɓare a gidan Alhaji. In dole sai ɓararriya, ta shiga sito, a zazzage, a auna, a shanya in ta wuce 8, kafin a ɗinke. Ya sayi na'urar laima, ko ku saya masa a riƙa cirewa a hankali. Kowane buhu ya ɗauki alamar inda ya fito da ranar ɓarewa, jan zaren nan sa'a ce kawai ta taimake ki. Ladan yaron ya koma kan buhun da aka karɓa a Garwa. Kowanne a rubuta wa zai yi, zuwa wace rana. Ke ma akwai naki: in kayansa 80 ne, ya sami damar cewa 80 gare ni ba tare da tsoron za ku koma wajen wani ba. Sannan kada ki rufe maganar ranar da ya sa hannu. Mota uku masu zuwa ki auna kowane buhu, ki yi gwajin guba da cikakken samfur. In ukun sun wuce, ki koma awon da kika saba.

Abu ɗaya da ba zan rantse a kai ba: cewa yayyafin ne ya haifar da gubar duka. Gyaɗar da fari ya kama a ƙarshen damina tana iya ɗauko ta tun daga cikin ƙasa. Don haka ko laima ta yi daidai nan gaba, kada ki ajiye gwajin.

Maryama (Garwa):
Na gode Malam. An ɗebi samfur a gaban ɗansa, gida biyu daban, kilo 20 kowanne. Masu farin zare sun ba da 6, lalatattu ƙasa da 2. Masu jan zare kusan 100. Kawu ya ce mu karɓi 80 ɗin a sabuwar takarda, kuɗin da aka bayar ya zauna a kansu. Alhaji ya yarda da komai sai biyu: ya ce kuɗin motar mayarwa a raba, tunda mu muka matsa masa da rana, kuma maganar ladan yaro ya ce harkar gidansa ce.

Abubakar Akawu:
Kuɗin mota a kansa yake, kayan da ba su cika sharaɗi ba nasa ne. In kun raba, ku rubuta cewa alfarma ce ta wannan karon.

Alhaji Sale:
Ku raba. Abin da za ku kashe bai kai abin da za ku rasa ba in ya ji an ƙure shi. Maganar lada kuma gaskiyarsa, ba a shiga tsakanin mutum da yaronsa.

Usman (Njamena):
Ni 80 ɗin ma ban yarda da su ba. Mota ɗaya suka hau, jikinsu ya haɗu.

Malam Hamadu (Ngawundere):
Gubar ba ta tsallaka buhu a tafiyar yini, Usman, kuma an gwada su su kaɗai da samfur mai kyau. Zan karɓa, amma in fara aiki da su, kada su daɗe. Lada kuwa, Alhaji Sale, ba sai ta tsoma baki a nawa ake biyansa ba. Amma in ba a taɓa shi ba, sauran gyaran duk sun rataya a kan cewa Alhaji zai tsaya da kansa kan kowane ciko. Ranar da ya yi tafiya fa?

Inna Hadiza:
Ku yi haƙuri ni ban iya lissafinku ba, ƙuli-ƙuli nake yi. Tun ɗazu nake jira in ji wani ya tambaya. Buhu 40 ɗin nan in sun koma, ina za su? Ni na san inda irinsu ke zuwa. Ranar kasuwa za a zo mana da su da sauƙin kuɗi, a ce ta ɗan sha iska ne. Mu matse mai, tunkuzar mu soya, 'yan makaranta su saya. Maryama kin tsare robarki, to mu fa?

Malam Hamadu (Ngawundere):
Inna, tambayarki ta fi duk wadda na yi. Kuma gubar a tunkuza ta fi zama, ba a mai ba, don haka ƙuli-ƙulin ya fi gyaɗar da aka yi shi da ita haɗari. Ba wa dabba ma ba mafita ba ce kai tsaye, kaji na mutuwa da ita, saniya kuma tana fitar da wani kaso a nono. A kusan 100, tsintar hannu da wuya ta sauko da ita ƙasa da 15, sai an gwada an gani. Abin da na sani mai ɗan aminci shi ne a matse man a yi sabulu da shi, tunkuzar a binne. Asara ce babba, kuma ba Maryama ke da kayan ba, ba ta da ikon tilasta shi.

Maryama (Garwa):
Inna, na karanta wa Kawu saƙonki. Ya kira Alhaji a gabana. Alhaji ya ce shi ba zai kai wa mata ba, amma yana so ya mayar wa masu tarawar da suka sayar wa yaronsa ya karɓi kuɗinsa, abin da suka yi da ita kuma ba ya hannunsa. Kawu ya ce masa a samo mai sabulu, mu za mu matse masa kyauta a ƙarshen mako in an wanke injin bayan nan. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce zai yi lissafi. Motarsa za ta zo Alhamis. Akwai wanda ya san mai yin sabulu a Garwa ko Figil da zai iya ɗaukar man buhu 40?

Malam Hamadu (Ngawundere):
Kada ku matse a injin da kuke abinci da shi in akwai wani. In babu, a kwance shi a wanke, kuma abin da ya fara fitowa bayan nan a gwada kafin a zuba a roba.

Hajiya Asabe:
Akwai ƙungiyar mata a unguwarmu da ke sabulu, amma ba su wuce jarka biyar a wata. Zan tambaye su yau ko sun san masu ɗauka da yawa.